Takardu Biyar a Teburin Malam

Aikin farko da na samu bayan na koyi haɗa shafukan intanet, tsohon malamina na lissafi ne ya ba ni. Ya buɗe makarantarsa kusa da Sabon Gari, yana son iyaye su riƙa duba sakamakon 'ya'yansu ta waya. Mako biyu ya ba ni.

Ranar da na koma ofishinsa, ba kwamfuta na buɗe ba. Takardu biyar na shimfiɗa a teburi, kowace da zanen fuskar waya da fensir. Inda hoto zai zauna na yi akwati na gicciye shi, inda rubutu zai shiga na ja layuka, kibiyoyi suna nuna shafin da kowane maɓalli zai kai mutum. Babu launi ko ɗaya.

Malam ya daɗe yana kallo. Mataimakiyarsa, wadda tun farko ta so a kai aikin Abuja, ta ɗaga takarda ɗaya da yatsu biyu.

"Mako biyu, wannan ke nan? Ina tambarin makaranta? Ina kala?"

"Madam, su ne ƙarshe. Sai mun yarda da inda komai zai zauna."

"Wasa kake da ni?" in ji Malam, da muryar nan da na sani tun ina aji uku. 

Akwai wata uwa daga garin Panda a benci a waje, ta zo karɓar sakamakon 'yarta. Na roƙi a shigo da ita. Na ajiye mata takardar farko.

"Mama, ki ɗauka wayarki ce. Ina za ki taɓa ki ga sakamako?"

Yatsanta ya yi ta yawo. Ya bi ta kan akwatin hoton makaranta, ya bi ta jawabin shugaba, ya tsaya.

"Ɗana, ban gani ba."

Madam ta yi tsaki. Maɓallin yana can ƙasa. Ni da kaina na zana shi a inda ba za a gani ba. Na goge jawabin Malam a gabansa, na zana babban akwati a sama, na rubuta "Duba sakamako". Nan take ta dangwala shi. Na zare takardar na sa ta biyu, ta nuna gurbin lambar ɗaliba ba tare da na yi magana ba.

"Da ka riga ka gina shi, gyaran nan kwana nawa?" Malam ya tambaya.

"Wataƙila yini guda, Malam. Yanzu minti biyu."

Bai yaba ba. Ya jawo takarda ta uku, ya miƙo hannu na ba shi fensirin.

"Jawabina ka kai shi shafin ƙarshe. Wannan jadawalin maki kuma ya yi wa waya faɗi. Zauna."

Har muka tashi da azahar, Madam ce ta riƙa kawo mana fararen takardu.