Katifar da Dogo Ya Sayar wa Kansa

Shekara ashirin da biyu Dogo ya yi yana sayar da katifa a shagon maigidansa. Baki gare shi. Mutum zai shigo neman inda ake gyaran waya, ya fita da katifa a ka, yana godiya. Yana da wata dabara: sai ya ce ka ɗan zauna ka huta, ya tambaye ka ciwon baya. To wa ya haura arba'in ba ya ciwon baya?

Da can albashi ne kawai da ɗan ihsani. Da 'yar maigida ta gama karatu ta zama akawun shagon, sai ta kawo kamasho mai hawa uku, ta zuba shi a kwamfuta. Cinikin wata daga farko zuwa dubu ɗari biyar, biyu cikin ɗari. Daga nan zuwa miliyan, huɗu. Abin da ya haura miliyan, bakwai. Ranar da take bayani Dogo yana bakin ƙofa yana farautar masu wucewa. Kalma ɗaya ta shiga kunnensa, bakwai, ta yi gida a ciki.

Watan farko, ana saura yini ɗaya ya ƙare, cinikinsa ya tsaya a dubu ɗari tara da tamanin. Ya buga lissafi a bayan rasit: in ya ketare miliyan, bakwai za ta hau kan duka, dubu saba'in da ɗoriya ke nan. Ya leƙa titi, ko mai tambayar hanya babu.

Da azahar ya tafi gida. Matarsa tela ce, ta tara dubu arba'in don sauya injin kekenta da ya ƙone, ga ɗinkunan mutane jibge a kan kujera.

"Maman yara, ara min kuɗin nan. Jibi in dawo miki da su har da tukuici."

"Baban yara, wannan muryar ta shago ce. Ni ba na ciwon baya."

Ta dai ba shi. Ita ma bakin ne ya kawo ta gidan tun asali. Ya koma ya sayi katifa ta dubu arba'in, ya rubuta wa kansa rasit, har da "mun gode". Ciniki ya zama miliyan ɗaya da dubu ashirin.

Ranar biya ya sa hularsa ta zuwa biki, ya zauna gaban akawu ya harɗe ƙafa. Ta danna, ta juyo masa da fuskar kwamfutar. Dubu talatin da ɗaya da ɗari huɗu.

"'Yata, na'urar nan taki ta karya kumallo kuwa? Na wuce miliyan fa."

"Ka wuce, Baba Dogo. Da dubu ashirin."

Ta jawo kofuna uku ta jera a tebur. "Na farko yana cin dubu ɗari biyar, biyu cikin ɗari, dubu goma. Ya cika, ya zuba a na biyu, shi ma ɗari biyar, huɗu cikin ɗari, dubu ashirin. Na uku ɗan digo ya samu, dubu ashirin. Bakwai ɗinsa dubu ɗaya da ɗari huɗu."

"Bakwai ɗin ba ta waiwayen baya?"

"Ba ta san kowa ba sai na kofinta."

Ya sauke ƙafar da ya harɗe. Can ya ce, "To da a ce katifar ƙarshen nan ba ta fita ba?"

Ta goge ta, ta danna. "Dubu ashirin da tara da ɗari biyu." Sannan ta dubi rasit ɗin da kyau, ta dube shi. "Baba, wannan mai sayen ai sa hannunku iri ɗaya ne."

"Mayar da ita lissafin," in ji shi, yana gyara hula.

Wato ya fitar da dubu arba'in ya kamo dubu biyu da ɗari biyu. Mayar da kaya kuwa babu, wata ya rufe, rasit ya shiga littafi.

Da la'asar ya shiga gida, katifa a gaba, shi a baya. Ya ajiye ambulan ɗin kamashon a kan keken da ba ya motsi, ya soma bayani da kofuna. Ta bar shi ya kai na uku, ta ƙirga kuɗin sau biyu.

"Saura dubu takwas da ɗari shida."

"Ga katifa ai, mai kyau ce, ba ta lotsawa..."

"Katifa ba ta ɗinki. Kawo kuɗin motarka na wata."

Ya zazzage aljihu, suka cika cif. Washegari aka sa wa keken sabon inji. Katifar ta hau gadonsu, aka jefar da tsohuwar, wadda ta yi rami a tsakiya tun haihuwar ɗansu na biyu.

Wata guda Dogo ya yi yana zuwa shago a ƙafa. Duk wanda ya tambaya, sai ya ce likita ne ya ce ya riƙa tattaki. A hanyar ma ya sayar da katifa uku.