Dala ta kusa cinye ɗinkin Sanusi

Jiya na tarar da ƙanena Sanusi yana ta zarya a shagonsa na ɗinki a Madarumfa, ya kasa zama kan keke.

Wata Hajiya ce a Faransa ta sa shi ɗinki, karonsa na farko da mai ciniki daga waje. Ya buɗe manhajar karɓar kuɗi, ya rubuta farashi, ta fitar masa da liyan, wato adireshin shafin biya, ya tura mata. Kuɗi ba su shigo ba.

Can sai ta kira. "Ɗana, dala dubu shida muka yi, wato sefa dubu talatin. Shafin nan sefa dubu shida yake nunawa, kuma ni ba ni iya canzawa."

Ashe lissafin dala ya rubuta, manhaja kuwa sefa ta sani.

Nan take ya soke liyan ɗin, ya tura sabo. Ta sa lambar katinta, bankinta ya aiko mata lambar tabbatarwa, ta shigar. Sai da saƙon shigar kuɗi ya iso, an cire ɗan kamasho, sannan ya zauna.

Da a ce ta biya sefa dubu shidan ta yi shiru, da haka zai aika kayan. Ku kun taɓa haɗuwa da irinta?