Taken Bidiyon Ranar Suna

Da Yayata ta haihu, ni aka ba aikin haska taron suna kai tsaye daga gidanmu na Badarawa, don Kaka tana Katabu, ciwon ƙafa ya hana ta zuwa. Burinta a yi mata takwara, amma ta fi ƙarfin ta roƙa.

Tun ana jibi na tsara shirin. Da na zo gurbin take, Baba ya ce, "Kul ki sa suna kafin liman ya raɗa." Sai na rubuta "Baƙuwar da ba ta da suna", na tura wa dangi da hoton jaririyar.

Da safiyar, liman na buɗe baki rago ya kwarara kukan da na tabbata an ji shi a Zariya. Kaka ba ta ji komai ba.

Bayan an watse na gyara taken bidiyon da ya rage, na ce a sake buɗe mata. Wani jikanta da ke can ya karanta mata taken, sai ta ji sunanta ne. An ce cewa ta yi, "Yarinyar ta yi goshi."

Saƙon farko da na tura wa dangi kuwa bai canza ba. A can har yau baƙuwa ce, tana barci, ba ta san sunan wa za ta ɗauka ba.