Masu Ɗibar Wuta a Ɗakin Ƙuli-ƙulina

Shekara goma sha biyu ina yin ƙuli-ƙuli da man gyaɗa a tsakar gidanmu a Cadawa. Da an idar da sallar asuba nake hura wuta, don haka matan unguwa wurina suke ɗibar garwashi. Kowace ta shigo da kaskonta, ta gaishe ni, ta ɗiba, ta sa hannu a faranti ta ɗanɗana, ta fita. Haka na taras ana yi, ban taɓa ganin aibinsa ba.

Wani mai butik, wato babban kanti, a Maradi ya ce zai riƙa karɓar kayana, amma sai a leda mai liƙi, da takarda mai ranar yi da ranar ƙarewa, da izinin hukuma. Karatuna bai wuce ƙaramar lakol ba, wato firamare, amma ina son abu bi da bi. Na farko, na yi rajistar sana'a. Na biyu, ni da mata biyun da ke taya ni muka je likita aka duba lafiyarmu. Na uku, maigida ya yanka mani gefen gida aka gina ɗaki mai siminti, da raga a taga, da wurin wanke hannu a bakin ƙofa, muka mai da wuta da aikin duka ciki. Ya rage sa hannun ma'aikacin tsabta, wanda in babu shi sauran duk aikin banza ne.

Ya zo da safe. Ya duba buhunan gyaɗa ya ga suna kan katako, ya ga mun tsince masu ruɓa mun ware, ya ce daidai, domin gubarsu wuta ba ta kashe ta. Sai ya nemi kujera ya zauna. Kafin ya tashi mata biyar sun shigo ɗibar wuta, da takalmansu, ɗaya da goyo mai mura. Duka biyar sun ɗanɗana.

Ya ce, "Madam, ɗakinki ya yi. Amma hanya ce kika yi wa rufi. Zan dawo bayan sati biyu."

Washegari na tsaya a ƙofa na ce daga yau ba a shiga. Haka kawai na faɗa, ban ƙara komai ba, don ni ban iya zagaye-zagaye ba. Kwana uku ba wadda ta gaishe ni a bakin pampo. Aka ce na samu takarda na hana mutane wuta. Ɗaya daga cikin masu taya ni ma ta ce mijinta ya ce ta bari.

Ran na huɗu tsohuwar da ke maƙwabtaka da mu ta zo. Ita ta koya mani murza tunkuza ina amarya. Ta tsaya nesa da ƙofa, ta ce, "Ina gaisuwa daga nan, kada in ɓata maki buro, tunda kin yi ofis."

Na ce, "Inna, ba ni na sa dokar ba. Ga ashana a kowane tebur, me ya sa sai wutata?"

Ta ce, "Ke dai tun kina amarya kanki tauri gare shi. Wa ya ce maki wuta suke nema? Ta ina za su ji wadda ta haihu da wadda ta yi yaji? Ki miƙo mani garwashi shebur guda kowace safiya. Gutsattsarin da ba ya shiga ledarki kuma ki zuba a kwano."

Daga ranar, da wuta ta kama sai in miƙa mata garwashi ta bakin ƙofa, ta juye a wani tsohon murhu a zaurenmu, ta shimfiɗa tabarma ta zauna da kwanon gutsattsari. Mata suka koma can. Hirar ma ta fi ta da tsawo.

Ma'aikacin ya dawo, ya sake neman kujerarsa. Muna ciki da kallabi ɗaure da rigar aiki, sai ga wata Bafilatana mai kawo nono, wadda ba ta san an canza ba, ta nufo ƙofa kai tsaye da kaskonta. Inna ko tashi ba ta yi ba, ta ce, "Ƙawata, can ɗakin likita ne yanzu, sai mai farar riga. Zo nan, wutar ta yi ƙaura."

Ma'aikacin ya yi dariya ya ce, "Iya, ko za ki zo mu ɗauke ki aiki?"

Ta ce, "Ɗana, ba za ku iya da ni ba."

Ya sa hannu. Muka aika samfurin mai da ƙuli-ƙuli labo, ɗakin gwaji, sakamako ya fito lafiya, izini ya biyo baya.

Inna ta yi shekara uku a zauren nan kafin Allah ya karɓi abinsa. Allah ya jiƙanta. Takardar izinin tana rataye a bango da sunana ni kaɗai. Murhun kuwa har yau ana juye masa shebur guda kowace safiya, kafin a taɓa gyaɗa.