Aikin Safe da Aka Ba Yayana

Kowa cewa yake mai gidan ruwan ya yi wa yayana alheri. Har a gidanmu na Sabon Gari haka ake faɗa. To, ni na ga abin da alherin ya yi, kuma ba na cikin masu godiya.

Yaya yana aiki a wani gidan ruwan leda a nan Wudil, shi ke zama gaban injin da ke yanka leda. Aikin kashi biyu ne, na safe daga shida zuwa biyu, na yamma daga biyu zuwa goma, duk mako ana juyawa. Da ƙodarsa ta gaza, asibiti a Kano suka ba shi gurbin wankin ƙoda Litinin da Alhamis, ƙarfe bakwai na safe. Awa huɗu yake yi jikin na'ura. Idan mota ba ta ɓata lokaci ba, kafin ɗaya yana gida, ya ɗan kwanta jirin ya sake shi. Abin da yake buƙata bai fi jimla ɗaya ba: a bar shi a aikin yamma kullum, a daina juya shi.

Na ce ya je ya faɗa. Ya ce yaro ba ya tunkarar Alhaji mai gidan ruwan da buƙata, sai a tura babba. Aka aika ƙauyen Dagumawa aka kira Kawu, don sun yi makarantar allo tare da Alhajin.

Kafin ya tafi na ce, "Kawu, Litinin da Alhamis. Aikin yamma. In rubuta maka?"

Ya dube ni ya yi dariya. "Ke da kika gama sakandare jiya za ki koya min magana da manya?"

Shi da bakinsa ya ba mu labarin yadda aka yi. Sun gaisa, sun tambayi iyali, sun taɓo damina da tsadar taki. Can da zai tashi ya ce, "Yaron nan namu jiki ya ƙi, a dube shi da idon rahama." Wai ambaton ranaku kamar gindaya wa mutum sharaɗi ne a cikin dukiyarsa. Alhaji kuwa ya kira manaja nan take ya ce daga yau a bar yaron a aikin safe, ya riƙa tashi da wuri yana hutawa. Aikin safe shi kowa ke so a wurin. Kawu ya dawo yana ta sa albarka, Inna har da hawaye.

Na ce, "To, ranar wanki fa?"

Inna ta ce, "Ke dai ba a yi miki gwaninta."

Yaya ya san an yi kuskure, amma a ganinsa komawa ya ce ba haka yake so ba mayar da kyauta ne, kuma kunyata Kawu ne. Sai ya koma roƙon musanya. Duk Lahadi da Laraba yana bin abokan aiki, waye zai riƙe masa safe ya karɓi yamma. Da farko suna yi. Daga baya wani ya ce masa, "Ɗan gatan Alhaji, an ba ka na safe kuma kana rabawa? Mu da ba mu da kawu fa?"

Wata Alhamis bai samu kowa ba, ya tafi aiki. Kafin Asabar ƙafafunsa sun ƙi shiga takalmi, fuska ta kumbura, ba ya iya kwanciya sai a jingine, numfashi sama-sama. Ruwan da ya kamata na'ura ta cire ne ya taru. Ranar Litinin ni na raka shi. Nas ɗin ta ɗora shi a sikeli, ta duba, ta dube ni.

"Ƙanwarsa ce ke? Injinanmu kaɗan ne, mutane na jiran gurbi. In zai riƙa tsallakewa, ku faɗa mana mu ba wani."

Na tambaye ta ko za a mayar da shi wankin rana. Ta ce babu wuri, kuma ko akwai, wanda ya tashi aiki ƙarfe biyu a Wudil yaushe zai iso? Likita ya rubuta mana takarda, ranaku da lokaci ƙarara, ya buga hatimi.

A mota Yaya ya ce in ba shi takardar, zai kai wa Kawu. Na ce Kawu ya riga ya yi nasa. Ya ce, "Kar ki zubar min da mutunci a wurin aiki." Muryarsa ko fita ba ta yi sosai.

Takardar tana jakata. Laraba da safe zan sa hijabina in je gidan ruwan, in tsaya har Alhaji ya fito. Zan gaishe shi yadda ya kamata, in gode masa sau ɗaya, sannan in ce Litinin da Alhamis, aikin yamma, kuma manaja ya rubuta a jadawalin da ke bango ina tsaye. A gida za a ce ba ni da kunya. Su faɗa.