Rabin Ƙwayar Malam Ma'u

Malam Ma'u na Yashe ya tsufa yana noman gero, ciwon suga na cinsa har ya taɓa ƙoda. Likita a Kankia ya ce ya koma shan rabin ƙwaya, domin ƙoda ke fitar da maganin ta fitsari. Tunda ta gaza, maganin zai taru a jini, suga ya faɗi warwas.

Matarsa Mairama, wadda ko tuwo ba ta taɓa tauye masa ba, ta ƙi.

"Ciwo na ƙaruwa a rage magani? Malam, su suka sallama ka, ba ni ba."

Kullum sai ta ba shi guda cur. Ranar Laraba ya jiƙe sharkaf da gumi, aka yi ta tashinsa, shiru. A motar asibiti tana ta rantsuwa: "Wallahi ko sau ɗaya ban rage masa ba."