Koren da na goge daga idon Baba

Koren ƙyallen nan a shagon Baba na samo shi, ragowar yadi ne da wata mata ta bari ta ƙi dawowa. Baba tela ne, a bakin layinmu na unguwar Briqueterie ya tsufa kan keke. Ni kuwa ɗinki bai taɓa shiga kaina ba, waya ce sana'ata. Telolin unguwa da masu turare su kira ni in ɗauke su bidiyon talla a gaban koren ƙyallen, in cire musu bayan, in sa wani. Dole ne ma a cire, don a layinmu duk inda ka juya waya sai hayaƙin masu soya ya shigo, ko ɗan bensikin ya gifta da fasinja a babur, ko wata ta watso ruwan wanki.

Aikin da dokokinsa, kuma ina da tsiya a kansu. Ƙyallen sai an goge shi, an ɗaure shi tsaf, don ko'ina ya yamutse inuwa za ta kwanta, waya ta ƙi ɗauke wurin. A inuwa nake kafa shi, haske ya bi shi bai ɗaya. Kada ka zo min da koren kaya, cikinka zai ɓace. Babbar dokar kuwa, ka matso gaba, ka bar ƙyallen a baya da nisa. In ka jingina da shi, haskensa zai dawo ya kwanta maka a kafaɗa da gefen kunne da bakin hula, in an cire bayan sai ka fito da koren zobe kewaye da kai. Na tsani zoben nan. In na gan shi a bidiyon wani har tsaki nake ja.

Ana nan sai Baba ya fara cewa jikinsa ba ƙarfi. Abinci ya ɗan taɓa ya ture. Yayata ma'aikaciyar jinya ce a Garwa, can take aure. Ta kira shi ta bidiyo, rezo, wato sabis ɗin waya, ya yi ta yankewa, fuskarsa dishi-dishi. Sai ta kira ni.

"Kai, ɗauko min Baba da wayarka mai kyau ɗin nan, ka turo. In na ga da matsala in nemi konje, su ba ni hutu in taho."

Da na ɗaga waya a wurin na ɗauke shi, da shi ke nan. Amma Baba ya dubi tsakar gidanmu, shanya ta ko'ina, bokitai, kwanukan maƙwabta, ya ce surukansa za su kalla, haka za a nuna musu? Ni ma dama abin da nake so in ji ke nan. Na ce, "Baba, bar min. Falo zan sa ka wanda ko a Bastos, unguwar masu kuɗi, sai an tona."

Ya sa farar rigarsa da hula. Farin kaya shi ya fi kwasar kore, don haka na ja kujerarsa gaba sosai, har yana mita wai zan kai shi bakin titi. Na kulle hasken kyamara kada ya riƙa hawa da sauka. Ya gaishe da Yaya, ya gaishe da mijinta da yara, ya ce lafiyarsa lau, gajiya ce kawai.

Na zauna montaj, wato gyaran bidiyon. Na ɗora ɗan zoben zaɓen launi kan ƙyallen, bayan ya ɓace. Ƙarfin cirewar na bi shi a hankali, don in ka rage kore ya saura a gefe, in ka zarce ya ci bakin hula. Na samu daidai, ɗan koren da ya rage a kafaɗa na rage masa kaifi ya zama toka-toka. Ya yi kyau wallahi. Sai na zuƙo fuskar, na ga farin idonsa da wani launi, rawaya mai ɗan kore-kore.

Haushi ya kama ni. Duk nisan da na ba shi? Na ce lallai ƙyallen nan ɗan banza ne. Na shiga wurin gyaran launi ɗaya bayan ɗaya, na sauke kore, bai tafi ba. Na sauke rawaya, sai idon ya washe fari tas. Na ɗan ƙara wa fatar ɗumi. Baba ya fito kamar ango, zaune gaban labule mai ruwan zinari.

Abin da ke cin raina har yau, na san amsar, ni nake koya wa mutane ita. Koren ƙyalle daga baya yake zuwa, a gefe yake sauka, kafaɗa, kunne, wuya. Mutumin da ya ba ƙyalle baya yana kallon waya, ta ina zai shiga masa cikin ido? Kuma kore ne matsalata, me ya kai ni taɓa rawaya? Ban tsaya na tambayi kaina ba. Ban ko leƙa shago na dubi idon mutumin ba, yana nan tsakanina da shi bango ɗaya. Kullum muna tare, amma a duhun shago yake, kansa a sunkuye kan keke, ni kuma nawa a kan waya.

Yaya ta turo murya tana dariya. "Masha Allah, Baba har ƙiba ya yi! Wannan falon na wa kuka aro? To ku ba shi hutu, sai na zo da Sallah."

Sallah da saura sosai a lokacin.

Ranar da ta iso, jirgin ƙasa ya sauke ta da safe, ko jakarta ba ta ajiye ba. Ta durƙusa za ta gaishe shi, ta ɗago, sai idonta ya sauka kan nasa. Ta kama hannunsa ta fito da shi tsakar gida, cikin shanyar nan da bokitan, ta ja fatar idonsa ƙasa da yatsa.

"Tun yaushe idonsa yake haka?"

Ba wanda ya sani. Ta juyo kaina. "Bidiyon da ka turo min, akwai na asalin? Wanda ba ka taɓa ba?"

Akwai. Na so in ce na goge, na fasa. Na miƙa mata. Ta zuƙo fuskar da yatsu biyu kamar yadda na yi, ga Baba gaban koren ƙyalle, ga idon. Ta daɗe tana kallo. Da ta zage ni da na ji sauƙi. Cewa ta yi, "Cutar shawara ce. Ita na ce ka nuna min." Ta miƙo min wayar ta ce in tsayar da taksi.

A asibiti suka ce wani abu ne ya toshe hanyar matsarmama, kuma an daɗe. Aka yi masa aiki. Ya rayu, alhamdu lillahi, amma ya sha kwanciya, kuma har yanzu bai koma kan keke ba. Na tambayi Yaya, shin da ta zo tun farko da abin ya zo da sauƙi, ta ce Allah ne masani. Ba ta ce a'a ba.

Baba bai san komai a kan wannan ba. Shi dai ya san ɗansa gwani ne. Wata rana da yamma ina zaune gefen gadonsa, ya rame har hular ta yi masa yawa, 'yan uwa na ta kira daga Garwa suna son ganinsa. Ya taɓo gwiwata.

"Ka zo da ƙyallen nan gobe," ya ce. "Ka gyara ni kamar wancan karon, kada hankalinsu ya tashi."